Kuskuren da Muka Shuka da Hannunmu

'Yan uwa malamai, tun da aikin ofis ya fara komawa cikin waya, rubutunmu na Turanci ya daina zama sirri. Takardar da a da ake ninkewa a jefa cikin fayil, yau imel ce: ta tashi daga Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ta isa ofishin sakataren ilimi, daga can a tura ta Gusau yadda aka rubuta ta. A cikin irin waɗannan saƙonni akwai kuskure iri biyu da muke yawan cin karo da su. Na farko Hausarmu ce ke janyo shi. Na biyu kuwa mu malamai muka shuka shi a aji, kuma shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ga misali daga wani saƙo da ya taɓa fita daga makarantarmu, jimla uku a jere: "Him and me sent the report. Kindly reply to the headmaster and I. Between you and I, it was late." Ma'ana, ni da shi muka aika rahoton, a ba mu amsa ni da shugaban makaranta, kuma tsakanina da kai rahoton ya makara. Duka ukun akwai kuskure, amma ba daga tushe ɗaya suka fito ba.

Mu fara da ta farko. Bahaushe ya san wakilin suna yana sauya kama gwargwadon aikinsa. Muna cewa "na aika", amma "ya aike ni", kuma ba yaron da zai ce "ya aike na". Haka Turanci yake: "I, he, she, we, they" na mai aikatawa ne, "me, him, her, us, them" kuma na wanda aiki ya faɗa wa ne, ko wanda ya biyo bayan kalmomi irin su "to", "for" da "between". Inda harsunan suka rabu shi ne wurin haɗa mutum biyu. A Hausa muna cewa "ni da shi muka aika", muna kuma cewa "an kira mu, ni da shi". Ku lura, "ni da shi" bai motsa ba. "Muka" da "mu" su suka ɗauki nauyin nuna wa ya yi, wa aka yi wa. Turancin rubutu ba shi da wannan ɗan dako, don haka nauyin yana komawa kan wakilan sunan su kansu. Wanda ya ɗauko "ni da shi" ya zuba cikin Turanci, "me and him" zai samu. Daidai ita ce "He and I sent the report."

Wannan kuskure ne na gaskiya, kuma yana da sauƙin magani. To, yaya muka yi maganinsa? Yaro ya ce "me and my friend", sai mu daka masa tsawa mu ce "my friend and I". Ba mu tambaye shi sauran jimlar ba, ba mu gaya masa dalili ba. Abin da ya kwasa ya tafi da shi gida shi ne, "and I" Turancin masu ilimi ne, "and me" kuma na jahilai. Yaron nan ya girma, ya yi kwalejin ilimi ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan garin, ya kama aiki, yana ta cusa "and I" ko'ina don tsoron a raina shi. An guje wa gara, an faɗa wa zago. Jimla ta biyu da ta uku na saƙon nan 'ya'yan tsawarmu ne.

Alhali gwajin bai fi a koyar da shi cikin darasi ɗaya ba: a cire ɗaya mutumin, a saurari abin da ya rage. A jimla ta biyu, cire shugaban makaranta, sai ka ji "reply to I". Ko ɗan aji huɗu kunnensa ba zai karɓa ba. Ashe "reply to the headmaster and me" ce daidai. A ta farko, cire "him", sai ka ji "me sent the report", nan take ka gane "I" ake so.

Jimla ta uku ita ce mai gardama, domin "between" ba ta zama da mutum ɗaya, ga shi kuma "you" ba ta sauya kama balle ta yi wa kunne ishara. A nan sai a dunƙule mutanen biyu su zama jam'i. Shin "between we" ake cewa ko "between us"? Tun da "us" ce, 'yar ɗakinta "me" ce za ta zauna: "between you and me".

Sai dai kada mu juya tsawar ta koma kan "and I", mu sake haifar da wani kuskuren. Dubi wannan: "The report went to the secretary, and I kept a copy." Nan "and I" daidai ce, saboda sabon zance aka faro, kuma mai maganar shi ya ajiye kwafin. Kada kuma mu laɓe bayan "myself", kamar masu rubuta "reply to the headmaster and myself" don gudun zaɓi. A cire shugaban makarantar, za a ga ɓuyan bai yi ba.

Za a ce mana ai Turawan ma suna faɗin haka. Gaskiya ne. Wannan "between you and I" ɗin tana cikin wasan Shakespeare na attajirin birnin Benis, wanda aka buga a 1600, a cikin wasiƙar da Antonio ya rubuta wa Bassanio. Akwai ma masana nahawu na zamani da ke ganin yawan amfani ya kusa halatta ta. Amma Shakespeare ba ya jiran ƙarin girma daga hukumar ilimi, kuma 'ya'yansa ba su zauna jarrabawar kammala sakandare a Zamfara ba. Masu duba takardun yaranmu kuskure suke ɗaukarta, su rage maki. Wanda ya gaji harshe yana iya wasa da ƙa'ida a ce salo ne. Mu idan muka yi, rashin sani za a kira shi.

Kuma mun ga yadda ake amfani da irin wannan a kanmu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 sun faɗi, aka sallame su duk da yajin aikin da ƙungiya ta yi. Muna nan a kan bakanmu cewa kora ba ita ce maganin rashin horo ba. Amma duk imel ɗin da ya fita da sunanmu yana iya zama shaida, ko a gare mu ko a kanmu, kuma bai kamata mu miƙa wa mai neman dalili sanda da hannunmu ba.

Saboda haka muna kira da abu biyu. Kafin mu danna "Send", duk inda muka ga "and" tsakanin mutum biyu, mu cire ɗaya mu karanta. A aji kuma, mu daina gyara rabin jimla. Idan yaro ya ce "me and my friend", mu bar shi ya ƙarasa, mu rubuta a allo, mu sa shi ya goge abokin da hannunsa, ya karanta abin da ya rage da ƙarfi. Sa'an nan mu tambaye shi da Hausa: a nan "na" kake nufi, ko "ni"? Amsar tana bakinsa tun kafin ya shigo makaranta.