Kai Mai Shafi, Ka Daina Cinye wa Mutane Data!

Jiya a shagona na Samaru wata ɗalibar ABU ta kawo itel ɗinta, wai ta lalace, ta ƙi buɗe wani darasi. Na duba, waya lafiyarta ƙalau. Shafin ne ba lafiya: hotuna goma, kowanne 4MB, yadda suka fito daga kyamara!

Malam, yi lissafi. Buɗewa ɗaya 40MB ke nan. Sau 25, 1GB ta tafi, ga shi tun 2025 data ta ƙara tsada.

Za ka ce hoto mai kyau ke jawo mutane. To wa ya gani? Kafin ya sauka mai karatu ya fita.

Gyaran ba wuya. Shiga squoosh.app, rage faɗin hoton zuwa 800, ka zaɓi WebP. Yakan dawo wajen 100KB, goman duka 1MB, kuma a fuskar ƙaramar waya da wuya ido ya ga bambanci. Ƙara loading="lazy" a hotunan ƙasa, kada su sauka sai an gangaro kusa da su.

Kafin ka wallafa, kashe Wi-Fi, ari tsohuwar Tecno, ka gwada a tsakiyar kasuwar Sabon Gari. In ta tsaya tana juyi, laifinka ne, ba na netwok ba.