A koya wa yara kwatancen gidansu kamar yadda ake koya musu lissafi

A ganina, duk yaron da ya kai ajin ƙarshe na firamare ya kamata ya iya kwatanta gidansu a waya, cikin jimla huɗu ko biyar, har baƙon da bai taɓa shiga unguwar ba ya iso ƙofa. Yawancin yaranmu ba su iya ba, manya da dama ma haka. Ranar da naƙuda ta taso wa uwa cikin dare, ko wuta ta kama a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, wanda ke riƙe da wayar sau da yawa ɗan lakwal ne. Idan abin da ya iya faɗa kawai shi ne "nan bayan masallaci", mai zuwa zai yi ta zagaye, lokaci na tafiya.

Wani zai ce maganin shi ne hukuma ta sa wa tituna suna, ta sa wa gidaje lamba. An gwada a Yamai. Tituna na da alluna masu haruffan unguwa da lamba: YN na Yantala, KK na Koira Kano, PL na Filato. Amma ka tare mai taksi ka ce ya kai ka KK kaza, zai tambaye ka kusa da me. Dalilin a bayyane yake. Wasiƙa a ƙasarmu akwatin gidan waya take zuwa, ba a kai ta ƙofa, saboda haka babu abin da ya tilasta wa mutum riƙe lambar titinsa. Lambar fili kuwa tana kwance cikin takardar gida, ma'aikatar magajin gari ce ke aiki da ita. Ga kuma sababbin unguwanni da ke tsirowa a gefen Maradi da Tawa tun kafin allo ya kai can. Ina goyon bayan a sa lambobi, amma kafin su shiga bakin jama'a, kwatance shi ne adireshinmu, kuma yana da ƙa'idojinsa.

Ƙa'ida ta farko ita ce mafari. Kwatance kan tashi daga wurin da ɗan kabu-kabu ya sani ba sai ya tambaya ba: kasuwar Dole ko fadar Sarki a Damagaram, babbar kasuwa a Maradi, tasha, asibiti, lakwal mai suna. Alamar kirki ita ce wadda babu irinta biyu a unguwa, ba ta tashi daga wurinta, kuma ana ganinta da dare. Masallacin layi ya faɗi a sharaɗin farko, don ana iya samun uku a tsakanin layi biyar. Teburin mai shayi ya faɗi a na biyu: da hantsi ya kwashe kayansa. Shagon da aka sani da launin fentinsa kuwa, in duhu ya yi ya ɓace.

Ta biyu ita ce fuska da ƙidaya. Dama da hagu sun dogara ga inda mai zuwa ya fito: hannun damar wanda ya taho daga kasuwa shi ne hagun wanda ya taho daga tasha. Gabas da yamma ba sa juyawa, kuma muna da sa'a a nan, don kowane masallaci na nuna gabas, da ɗan karkata zuwa arewa. In za a yi amfani da dama da hagu, sai a fara tsayar da mutum: "ka ba ƙofar lakwal baya". Daga nan a ƙidaya kwana, a kuma faɗi ko ana lissafa lungun da ba ya ɓullewa, domin nan ne mai gida da baƙo suka fi saɓawa. Wannan ƙidaya tana aiki a unguwannin da aka yanka filayensu layi-layi. A cikin Birnin Damagaram, inda lunguna ke lanƙwasa suna haɗuwa, ba ta da amfani sosai. Can gara a tsayar da baƙo a wuri sananne a aika yaro ya taho da shi.

Ta uku ita ce ƙofa da suna. A faɗi fuskar da ƙofar ke kallo, launinta, da gida na nawa ne daga kwana. Sannan a ba da sunan da unguwa ta san gidan da shi. Baƙo zai iya tambayar cikakken sunan maigida na takarda, yaran layi su ce ba su san shi ba, alhali suna tsaye a ƙofarsa. Su "gidan Malam tela" suka sani, ko gidan su wane abokin wasansu.

Bari mu gwada da gidan misali a unguwar Zariya ta Maradi. Yaro ya ce wa mai kawo saƙo: "Gidanmu na Zariya, bayan lakwal, kusa da masallaci, ƙofa shuɗiya." Babu ƙarya a ciki, amma Zariya babba ce, lakwal ba ɗaya ba, shuɗiyar ƙofa kuwa ba a ƙirga ta. Ga gyararre: "Ka zo ƙofar lakwal kaza a Zariya. Ka ba ƙofar baya, ka bi layin da ya yi arewa. Ka wuce kwana biyu, a ta uku ka yi gabas. Gida na huɗu a hannun hagu, ƙofa shuɗiya mai kallon kudu, da bishiyar dogon yaro a gabanta. Ka tambayi gidan Malam tela. In ka ga famfon unguwa, ka wuce mu." Jimlar ƙarshen nan ita aka fi mantawa, ita ce kuma ke hana mutum yin nisa cikin ɓata.

Masu babbar waya za su ce ai sai a tura wuri ta WhatsApp. Yana taimakawa, in an tura shi daga bakin ƙofa a fili. Wanda aka tura daga cikin ɗaki mai rufin kwano yakan kauce da mitoci masu yawa, ya ajiye mai zuwa a layin baya, inda katangar gidan take amma babu ƙofa. Ƴan kabu-kabu da yawa kuma ƙaramar waya gare su. Saboda haka taswira ta kai shi layi, baki ya kai shi ƙofa. In ya kira ya ce ya ɓata, kada a sake karanto masa kwatancen daga farko. A ce: "Tsaya inda kake, me kake gani?" Daga abin da ya faɗa a ɗora.

Ga malamai, wannan darasin awa ɗaya ne, kuma ya dace da darasin kusurwoyi huɗu da ake yi dama. Kowane yaro ya rubuta kwatancen gidansu daga ƙofar lakwal, ya ba abokin da bai san gidan ba, shi kuma ya zana hanyar a allo. Inda zanen ya kauce, nan kwatancen ke da rami, sai a gyara tare. Iyaye kuma su duba abin da yaron ya rubuta, su liƙa kwafi a bango kusa da inda ake cajin waya, su nuna masa cewa kwatancen na wanda gida ya kira ne, ba a ba duk wanda ya tambaya a hanya. Ƙananan da ba su fara rubutu ba, a haddatar da su abu uku: sunan unguwa, babbar alama mafi kusa, da sunan da maƙwabta ke kiran gidan da shi.