Ƙa'idar Haɗa Haruffa da Ke Lalata Fastoci

Akwai wata ƙa'ida da kusan duk mai koyon zanen fasta yake haddacewa tun a makonsa na farko: kanun fasta a yi shi da haruffa marasa ƙafa, bayanin ƙasa kuma da haruffa masu ƙafa, ko a juya. Masu ƙafa su ne irin Times New Roman, waɗanda kowane harafi yake da ɗan tsinke a ƙarshen sandarsa, ana ganinsu a kwamfuta da laƙabin Serif. Marasa ƙafa su ne irin Arial, masu laƙabin Sans. An ce da zarar an haɗa ɗaya daga nan, ɗaya daga can, an gama. Wannan ƙa'ida ta ɓata fastoci masu yawa, domin ta mayar da hankalin mai zane kan ƙafa, alhali ƙafa ita ce abu mafi ƙanƙanta da ido yake lura da shi daga nesa.

A ɗauki Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a 1965 wa kamfanin Stephenson Blake na Sheffield. Yana cikin Windows, shi ya sa da wuya a rasa shi a fastocin siyasa da na wa'azi. A sa Garamond a ƙarƙashinsa. An bi ƙa'ida sau da ƙafa, amma fastar ba za ta zauna ba. Ƙananan haruffan Impact dogaye ne, suna kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsayin manyan, sandunansu kauri ne, ramukan cikinsu a matse. Garamond kuwa ƙananan haruffansa gajeru ne, kuma yana da sirara-siraran layuka da aka tsara domin shafin littafi da ke hannun mai karatu. A jikin bango, mai wucewa zai ga kanun, bayanin kuma ya zama toka-toka. Ya san ana taro, bai san ina ba, bai san yaushe ba, kuma kuɗin bugu ya tafi.

Idan ƙa'idar gaskiya ce, da fastar da ba ta da harafi mai ƙafa ko ɗaya ta zama abin kunya. Amma fastar "der Film" da Josef Müller-Brockmann ya zana a 1960 domin wani baje koli a birnin Zurich, har yau ana koyar da ita a makarantun zane, kuma Akzidenz-Grotesk ne kaɗai a cikinta daga sama har ƙasa. Girma da wurin zama ne suka raba kanu da bayani: kalmomi biyu manya ƙwarai a kan baƙin fili, sauran bayani ƙanana, an jera su bisa layin da manyan haruffan suka shata.

Abin da ke hana karo shi ne haruffan biyu su yi tarayya a ƙira, su bambanta ƙwarai a nauyi da girma. Kamar mawaƙi da 'yan amshinsa ne: kiɗa ɗaya suke bi, amma ba a ɗaga murya tare. Karo yana zuwa ta hanya biyu. Ko dai duka biyun su yi ihu, kamar Impact da Arial Black, ido ya rasa inda zai fara. Ko kuma su yi kama da juna har bambancin ya zama tamkar kuskure, kamar Helvetica na 1957 da Arial na 1982, waɗanda faɗin haruffansu ɗaya ne amma wutsiyar R da yankan t sun sha bamban.

Gwajin ƙira ba ya ɗaukar minti biyar. A rubuta kalma ɗaya, misali "gona", da nau'in haruffan biyu a girma ɗaya, a jera su kafaɗa da kafaɗa. A dubi tsayin o da n: idan na nau'i ɗaya ya zarce na ɗayan sosai, za a sha wahala wajen sasanta su. Sannan a dubi cikin o, a ga ko da'ira ce cikakkiya, kamar ta Futura, ko kuwa mai siffar ƙwai ce. Sai a dubi inda layi ya sirance. Wanda siraran layukansa suka kai gashi, irin Bodoni, ya dace da kanu, amma idan aka ƙanƙanta shi, musamman fari a kan baƙi ko kore mai duhu, tawada takan malala ta cinye su.

Ga mai buga fasta da Hausa akwai tarko na daban, wanda ƙa'idar ba ta san da shi ba. A ce fastar musabaƙar karatun Alƙur'ani ce a takardar A3, mai faɗin milimita 297 da tsayi 420, kanun kuma kalma ɗaya ce: MUSABAƘA. Impact ba shi da Ƙ, ba shi da ɗ ko ɓ. Manhaja za ta nuna akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani nau'in ba tare da neman izini ba, sai a ga siririn Ƙ tsaye a tsakanin kakkauran haruffa. Nau'i na uku ya shigo fasta ke nan, a wurin da ya fi ko'ina fitowa fili. Wasu masu zane sukan guje wa wannan ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya, su rubuta K. Wannan ba gyara ba ne, tauye rubutun Hausa ne saboda lalaci, kuma mai fasta yana da haƙƙin ya ƙi karɓa.

Mafita tana nan kyauta. Noto Sans na Google yana da haruffan Hausa masu lanƙwasa, yana kuma da nauyi tun daga Thin har Black, da matsattsen salo mai suna Condensed. A yi kanun da Noto Sans Condensed Black a kusan 150 pt, wanda zai cika faɗin takardar idan aka bar gefe na milimita 20 dama da hagu. Rana da wuri, waɗanda su ne abin da mai wucewa yake nema bayan kanu, a ba su 48 pt da Noto Sans Bold. Sauran bayani, sunan makaranta da baƙi masu jawabi, a sauke su zuwa 24 pt, da tazarar layi ta kusan 31 pt. Kanu ya ninka na tsakiya sau uku, na tsakiya ya ninka na ƙasa sau biyu, babu wanda zai ruɗe.

A wannan mataki na ƙasa ne kawai maganar ƙafa take tasowa, kuma zaɓi ne. Noto Sans Regular zai yi aikin. Wanda yake son bayanin ya yi kama da shafin littafi, Charis SIL ya fi Garamond nesa ba kusa ba: an gina shi bisa Charter na Matthew Carter, wanda aka zana a 1987 domin ya jure wa injinan bugu marasa kaifi, layukansa ba su sirance da yawa ba, ƙananan haruffansa dogaye ne, kuma yana ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ.

Masu kare ƙa'idar sukan ce tana hana ɗan koyo zuba nau'i shida a fasta ɗaya, kuma da gaskiyarsu a nan. Amma iyakance shi ga nau'i biyu shi ne ya yi wannan aiki, ƙafa ba ta ƙara komai ba.

Kafin a kai wa mai injin, a buga gwaji a A4, wanda ya kai kusan kashi 71 cikin 100 na faɗin A3, a manna a bango, a ja da baya mita biyu, a kanne ido. Ya kamata a ga dunƙule uku masu duhu daban-daban. Idan biyu sun narke cikin juna, a rage nauyin na ƙasa ko a ƙara girman na sama. A CorelDRAW kuma a zaɓi rubutun duka a danna Ctrl+Q, wato Convert to Curves, domin kwamfutar maɗaba'a da ba ta da Noto Sans za ta musanya shi da abin da take da shi, Ƙ ɗin kuma shi zai fara ɓacewa.