A Tsaya Inda Labari Ya Yi Daɗi

Masu hayar littattafai a Kano sun daɗe da gano wani abu da mu malamai muke yawan tsallakewa. Tun shekarun 1990, lokacin da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suke tashe, marubuta kan raba labari kashi biyu ko uku, kuma kashi na ɗaya ba ya ƙarewa sai a daidai inda ran mai karatu ya rataya. Wadda ta yi hayar na ɗaya ba ta bukatar wa'azi kafin ta aiko a karɓo mata na biyu. Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar karatu ta yara da za a kafa a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi ko Minjibir, a kan wannan dabarar ya kamata ta zauna.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce makarantar firamare ce mai akwatin ƙarfe guda ɗauke da littattafai 40, ga yara 30 'yan aji huɗu zuwa shida. Ranar zama ita ce Alhamis da la'asar, domin ranar ce makarantun allo da akasarin Islamiyyu suke hutu. Wanda ya sa zaman ranar kasuwar yankin ya kori 'yan mata da hannunsa, don suna wurin talla. Sa'a guda ta isa.

Sulusin farko na jagora ne. Zai karanta da murya, yana sauya harshe yadda kowane mutum na cikin labari zai fito da kamanninsa. A ce Ruwan Bagaja ne, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Littafin cike yake da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe: wannan ya shirya wa wancan gadar zare, a wani gari kuma wancan ya rama. Aikin jagora shi ne ya yi alama da fensir tun a gida, a layin da tarko ya gama ɗanuwa amma bai kama ba. Da ya iso nan sai ya rufe littafi. Yara za su yi ca, za su roƙa, kada ya sassauta. Sai ya tambaya, me kuke zaton zai faru? A rubuta hasashe uku ko huɗu a allo, kowanne da sunan mai shi. Yaron da aka rubuta sunansa kusa da hasashensa ya shiga bashi. Ba zai sami sukuni ba sai ya san ko ya canka.

Nan aro yake shigowa, kuma nan ne ƙarancin littattafai yake zama alheri. Kwafi biyu kacal ake da su, yara 30 suna so. Maimakon a ba ɗaya, sai a raba yaran rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, bisa unguwar da suka fito, ba bisa aji ko ƙoƙari ba. Wannan yanki ya dace da tsarin ƙwarai. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya bayyana yadda karkarar da ta kewaye Kano take, gona na jikin gona, ba a barin saura, gidaje a warwatse amma kusa da juna. Littafi zai iya kwana a gida biyar cikin mako guda ba tare da ya hau ko jaki ba. Rukuni biyu su tafi da kwafin da aka katse, sauran su zaɓi wasu, mako mai zuwa a juya. A bangon baya na ciki a manna takarda, duk wanda littafin ya kwana a wurinsa ya rubuta sunansa.

Kada a manta cewa a gidajen da mata suke kulle, yara ne ƙafafunsu. Littafin da ya shiga irin wannan gida yakan faɗa hannun yaya ko amarya da ta yi firamare, ta karanta wa kowa a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ban ɗauki wannan a matsayin littafi ya ɓace hanya ba. Yaron da bai iya haɗa baƙi sosai ba ya ji labarin, kuma ranar Alhamis yana da abin faɗa.

Zama na gaba ba ya buɗewa da karatu. Rukunan da suka tafi da littafin su ne za su ba da ƙarshen labari da bakinsu, a duba allo a ga wa ya canka. Daga nan sai tattaunawa, kuma a nan ne akasarin ƙungiyoyi suke mutuwa. Malami ya saba da tambayar jarrabawa: wane gari suka je, mutum nawa suka tarar. Irin wannan tambaya amsarta ɗaya ce, yaro ɗaya ya faɗa, magana ta ƙare. Tambayar da take tayar da muhawara ita ce wadda za ta raba ɗaki biyu. Tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe wa ya fi zalunci? A naɗa alƙali daga cikin yaran, a sa masu ƙara da masu kariya, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya kawo hujja sai ya buɗe shafin ya nuna. Na ga yaran da ba sa ɗaga hannu a aji suna warwar littafi don neman layin da za su kayar da abokin gardama. Bulala ba ta taɓa sa yaro ya koma shafi sau uku ba.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Hausar Imam, musamman a Magana Jari Ce, ta fi ƙarfin ɗan aji huɗu da yake tuntuɓe a kan kalma mai gaɓa uku. Irin waɗannan na karantawa da murya ne. Rabin akwatin ya kamata ya zama ƙananan littattafai masu hoto da manyan baƙaƙe, waɗanda yaro zai gama a zama ɗaya; shafin African Storybook yana da labarai da Hausa da aka yarda a buga kyauta. Tulin tsofaffin littattafan Turanci da ake kawowa sadaka kuwa, cika akwati kawai suke yi.

Damina ma tana da hukuncinta. Daga shuka zuwa maimai yara suna gona ko yankan ciyawar awakin da aka ɗaure, da kaka kuma ga roron wake da tsinkar gyaɗa. A lokacin a rage zama zuwa sau ɗaya a mako biyu, a tsawaita aro, a sa kowane littafi cikin leda, akwatin kuma a ɗora shi kan duwatsu nesa da bango saboda gara. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne tarar kuɗi. Ranar da aka ce uba ya biya littafin da akuya ta tauna, ranar gidan zai hana ɗansa aro, maƙwabta kuma su bi sahu. Rukunin da littafi ya yage a hannunsa ya zauna ya ɗinke shi da zare da allura, shi ke nan.

Mai son sanin ko ƙungiya tana da rai ya bar kirga masu zuwa, ya buɗe akwati bayan wata uku. Idan littattafan suna nan fes kamar ranar da aka kawo su, ko kuwa sunaye biyar ne suke ta maimaituwa a takardun baya, to aro bai kankama ba. Idan ya tarar da gefen shafi ya yi baƙi, ga ɗigon manja, ga sunaye goma sha biyu a baya har da na wata da ba ta cikin rajistar makarantar, sai ya fara neman kuɗin kwafi na uku.