Neman Ragin Kuɗin Haya ba Roƙo ba ne

Wasu 'yan haya suna jin kunyar neman ragi, suna ganin kamar zubar da mutunci ne. A ganina sun yi kuskure. Wanda zai biya kuɗin shekara gaba ɗaya ciniki ya zo yi, domin shi ma yana da abin bayarwa.

A ce kana biyan naira 30,000 duk wata, wato naira 360,000 a shekara. Mai gida yakan jira wata goma sha biyu kafin kuɗinsa su cika, wani lokaci ma sai ya yi ta bin ka. Idan ka ba shi su a dunƙule, zai iya gyara rufi ko sayen siminti kafin farashi ya tashi. Wannan amfanin shi ne hujjarka.

Sai dai baki shi ke yanka wuya. Kada ka tare shi a hanya, kada kuma ka yi maganar a gaban sauran 'yan haya, don zai ji tsoron kowa ya nemi irin wannan ragi. Ka same shi a gida, ku gaisa sosai, sa'an nan ka ce:

"Alhaji, ranka ya daɗe, na ji daɗin zama a gidan nan. Ina so in biya kuɗin shekara gaba ɗaya. Ko za a taimaka a karɓi naira 300,000?"

Mai yiwuwa ya ce, "Albarka, ɗana. Ragin wata biyu ya yi yawa." Kada ranka ya ɓaci, kuma kada ka shiga kushe gidan. Ka ƙara tayi cikin ladabi. Idan kun daidaita a kan naira 330,000, ka sami wata guda kyauta ke nan.

Wannan shawara tana da iyaka. A garuruwan da aka saba biyan haya shekara-shekara, tayinka ba sabon abu ba ne, saboda haka da wuya a rage maka. Har ila yau, kuɗin da suka fita daga hannunka ba su cika dawowa ba. Idan aka yi maka canjin wurin aiki bayan wata biyar, ko rufi ya fara yoyo mai gida ya yi shiru, wa za ka kama?

Don haka, kafin ka biya, ku rubuta adadin kuɗin, da ranar farawa da ta ƙarewa, da gyaran da mai gida ya ɗauki alkawarin yi. Ku sa hannu a gaban shaidu, ka karɓi rasit, sa'an nan ka yi masa godiya.

Tambayoyi
1. Wane amfani mai gida yake samu idan an biya shi kuɗin shekara gaba ɗaya?
2. Me kalmar "albarka" take nufi a wajen ciniki?