Wasiƙar Mako: Babana, zo mu yi lissafi

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali a Tema. Mu nan Kumasi alhamdulillahi, kasuwar goro ce dai sai a hankali.

Matarka ba ta kawo ƙararka ba, kada ka je ka tsare ta da faɗa. Ni na gane da kaina. Wata biyu ke nan ba ka turo kuɗin adashin da na sa ka a ciki ba, ga mai gidan hayarku ya kira kawunka. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta ce albashin watan nan, sidi 3,200, bai kwana huɗu a wayarka ba. Duk ya tafi a cacar ƙwallo.

Hukuncin caca ba sai na karanta maka ba, kai ka sauke Alƙur'ani, ka san abin da ke cikin Suratul Ma'ida aya ta 90. Ni 'yar kasuwa ce, lissafi zan yi maka. Na zaunar da ƙanwarka ta buɗe mini irin manhajar, muka ɗauki kalkuletar shago.

Ga wasa ɗaya. An ce ka zaɓa: za a ci ƙwallo uku zuwa sama, ko ba za a kai uku ba. A gefen kowanne an rubuta 1.90. To, kai ka sa sidi 100 a wannan, abokinka ya sa 100 a wancan. Kamfani ya karɓi 200. Dole ɗayanku ya ci, a ba shi 190. Ina sauran 10? Sun ɗauke tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. Su ba ruwansu da wanda ya ci. Ni idan na sayi huhun goro, sai na yi fama da ɓari da ruɓa da kuɗin mota kafin in ga riba. Su nasu huhun ba ya ruɓa.

Amma an ce kai ba wasa ɗaya kake bugawa ba, goma kake jerawa a tikiti guda, saboda sidi 10 sai ya nuna maka za ka kwashi sama da 6,000. Nan ne ma ramin ya fi zurfi. Idan kowane wasa rabi da rabi ne, hanyoyin da wasa goma za su iya ƙarewa 1,024 ne, ɗaya tak ce taka. Ka ɗauka mutum 1,024 kowa ya sa sidi 10, kowa da irin jerin da ya zaɓa. An tara 10,240. Mutum ɗaya zai ci wajen 6,130. Sauran 4,000 da 'yan kai na kamfani ne. A wasa ɗaya biyar suke cira cikin ɗari, a jerin goma kusan arba'in. Wanda ya ci ɗin kuwa shi za a yi ta yaɗa hotonsa, sauran dubun da ɗoriya kowa ya yi shiru don kunya, kamar yadda ka yi mini.

Na san me za ka ce: “Inna, wasa ɗaya ne fa ya yanke mini tikiti.” A lissafin nan, a kan kowane mutum ɗaya da ya ci, akwai mutum goma da wasa ɗaya ya yanke musu. Ba kusa ka yi ba, Babana. Haka abin yake a gine, don ka dawo gobe. Kuma ina jin ba sidi goma-goma ba ne suka cinye albashin. Ramuwa ce: ka faɗi 200, ka sa 400 don ka dawo da ita, dare ya yi ka ci bashin MoMo ka ƙara.

Yanzu ga abin da na yanke. Kuɗin haya zan biya na wata uku, amma hannun mai gida za su shiga, ba naka ba. Bashi ne, na rubuta a littafin shago kamar na kowa. Bashin wayar kuwa kai za ka biya, ko kwabo ba zan sa ba.

Goge manhajar ba ya wadatarwa, minti biyu ne ka sake sauke ta. Ka rubuta wa kowane kamfani su rufe asusunka, a gaban kawunka, ya gani da idonsa. Ranar da albashi ya shigo, kafin azahar, ka tura kuɗin cefane da na makarantar yara wajen matarka, na adashi wajena. Ka bar wa kanka na mota da na abinci kawai. Ka kuma fita daga rukunin nan na masu raba “wasan da ba ya faɗi”. Da sun san sakamako, da ba su tsaya karɓar sidi 50 ɗinka ba.

Babanka bai sani ba tukuna. Na ba ka zuwa Juma'a ta sama ka zo ka faɗa masa da bakinka. Ka taho da yaran, na yi kewarsu. Ka kuma taho da wayar.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka