Zancen Gida da Aiki: In Albashi Zai Makara, Me Za a Rubuta?



A cikin watan Oktoba na 2024 ma'ajin wata ƙaramar makarantar ekklisiya a ƙasar Roni ya zo gidana da yamma, da takarda a ninke cikin aljihu. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, albashin wannan wata ba zai fita ran 25 ba. Ga abin da na rubuta wa ma'aikata, ka duba mini." Na sa tabarau na karanta. Ga abin da ta ce:

"Ana sanar da dukan ma'aikata cewa saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu za a sami ɗan jinkiri wajen biyan albashi. Za a biya nan ba da daɗewa ba in Ubangiji ya yarda. A yi haƙuri, a ci gaba da addu'a. Ba a yarda da gunaguni ba."

Na ce masa, "Malam, ba ƙarya a ciki, amma kuma babu abin da mutum zai kama." Ku sa kanku a matsayin matar mai gadin makarantar. Tana cin bashin gero da manja wurin mai tebur, shi kuwa mai tebur ya san ran 25 a ke biya. In ya tambaye ta yaushe, me za ta ce masa? "Nan ba da daɗewa ba" ba ta cikin kalanda. Kwana uku ne ko wata biyu, takardar ba ta faɗa ba, don haka kowa zai cika gurbin da abin da ya fi tsoro. Layin ƙarshe kuwa, na hana gunaguni, shi zai fara jawo gunagunin, gama wanda ya riƙe hakkin mutum ba shi ne zai yi masa tsawa ba.

Akwai kuma abin da ya manta. Albashi ba kyauta ba ne, bashi ne a wuyan mai ba da aiki. Littafin Firistoci sura 19 aya 13 ya hana a bar ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannu, Yakubu kuma ya tsawata wa masu riƙe shi a sura 5 aya 4. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a sashe na 15, ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Saboda haka takardar nan ta mai bashi ce zuwa ga waɗanda su ke binsa, sai a rubuta ta da irin wannan murya.

Ya ɗauki biro zai fara gyara, na ce ya ajiye tukuna. Ba a samo ranar biya daga iya magana, daga littafin kuɗi a ke samo ta. Muka buɗe littafin.

Ma'aikata tara ne. Malamai shida, kowanne naira 70,000, watau 420,000. Mai gadi da mai shara da mai dafa abinci, kowanne 40,000, watau 120,000. Duka 540,000 ke nan. Abin da ke cikin asusu a ran nan 330,000 ne, saura 210,000. Dalilin giɓin ba ɓoyayye ba ne: yawancin iyayen yaran manoma ne, ba su biya kuɗin makaranta sai sun sayar da gyaɗa da wake, kuma ba su gama ɗauke amfani ba.

Na tambaye shi ina 210,000 ɗin za ta fito. Ya ce iyaye sun yi alkawarin fiye da haka kafin ƙarshen wata. Na ce a'a, wannan sa rai ne, ba mu ɗora rana a kansa. Sai ya tuna kwamiti ya riga ya yarda a sayar da hatsin da ke rumbun ekklisiya, an ma yi ciniki da wani ɗan kasuwa a Kazaure a kan 230,000, zai biya ran Litinin 4 ga Nuwamba. To, wannan abin kamawa ne. Ma'aji ya so mu rubuta 4 ga wata, ni kuwa na ce mu rubuta Jumma'a 8. Kuɗin da aka turo ta banki ya kan maƙale kwana ɗaya ko biyu, kuma sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar, ɗayansu ma ya kan yi tafiya. In an biya kafin ranar da aka faɗa, ba wanda zai yi fushi. In an wuce ta ko da kwana ɗaya, takarda ta gaba ba mai gaskata ta.

Sa'an nan muka raba abin da ke hannu. Ukun nan masu ƙaramin albashi a biya su duka, 120,000, gama ba su da abin jingina. Ragowar 210,000 a raba wa malamai shida, kowa ya sami 35,000, rabin nasa daidai. Shugaban makaranta yana cikin shidan, shi ma rabi zai karɓa, kuma na nace a rubuta haka, domin abin da a ke fara raɗawa ke nan.

Ga takardar da muka fitar:

"Zuwa ga ma'aikata duka. Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba za mu iya biyan albashin Oktoba cikakke ran Jumma'a 25 ga wata ba. Ana bukatar naira 540,000, abin da ke hannu 330,000 ne, domin kuɗin makaranta bai gama shigowa ba. Ran 25 mai gadi da mai shara da mai dafa abinci za su karɓi nasu duka. Malamai shida, har da shugaba, kowa zai karɓi 35,000. Sauran 35,000 za a biya ran Jumma'a 8 ga Nuwamba, 2024, in Ubangiji ya yarda, daga kuɗin hatsin da kwamiti ya sayar. Ran Laraba 6 ga Nuwamba zan sanar da ku ko kuɗin ya shigo. Hakkinku ne muka jinkirta, muna roƙon gafara. Wanda ke da larura ta asibiti ko ta haya ya same ni a ofis kafin ran Alhamis."

Za ku lura "in Ubangiji ya yarda" tana nan ba mu cire ba. Wurin zama kawai muka sake mata. A takardar farko ta tsaya a madadin rana, a ta biyu tana bayan ranar da aka yi lissafinta. Ni a ganina sa sunan Ubangiji a inda aka ƙi yin lissafi bai dace da mai bi ba.

Mun kuma cire sunayen iyayen da ba su biya ba, waɗanda ma'aji ya so ya lissafa don a san ba laifinsa ba ne. Roni ba babban gari ba ne, malami da uban yaro benci ɗaya su ke zama ran Lahadi. Faɗin dalili ya isa.

Aka fitar da takardar ran Litinin 21 ga Oktoba, kwana huɗu kafin ranar albashi, don kowa ya sami zarafin yin magana da mai tebur da mai gidan haya. Ba a manna ta a allo aka tafi ba. Shugaba ya tara ma'aikata bayan an tashi yara, ma'aji ya karanta da bakinsa domin mai dafa abinci ba ta karatu, kāna aka ba kowa tasa a hannu.

Ɗan kasuwan bai biya ran Litinin ba, sai ran Laraba da rana. Da ma'aji ya zo gaya mini, ya ce daren Litinin da na Talata bai yi barcin kirki ba, yana ta tunanin yadda zai dubi malamai da a ce 4 ga wata ya rubuta. Ran Alhamis 7 ga Nuwamba aka biya su ragowar.